Jadawalin masu gadi: launin ja ya ƙi fitowa daidai

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ke tsara jadawalin masu gadin wani sito a Tahoua, cikin Excel. Sunaye suna B2 zuwa B40, rana a A, lokacin aiki a C. Ina so layi ya yi ja in an sa mutum ɗaya sau biyu rana guda:

```
=NB.SI.ENS($A$2:$A$40;$A2;$B$2:$B$40;$B2)>1
```

Yana aiki, amma gurabun da ba kowa ma suna yin ja, alhali rawaya na ba su. Babbar matsalar ita ce aikin dare: daga 22:00 zuwa 06:00 lissafin awoyi sai ya fito `#####`, don haka wanda ya wuce awa 40 a sati ba ya samun launi. Don Allah wace dabara za ta gyara wannan?