Do ɗin allo da do ɗin kibod: wanne zan bi?

Sabuwar Alto: Salama gare ku. Wata biyu ke nan da na shiga kwaya a cocinmu a nan Jos, aka sa ni a alto. Malaminmu yana rubuta solfa a allo, yau ya ce do shi ne G, jibi ya ce do shi ne F. To ga ƙanin mijina da ya koyi kibod a Yamai, ya ce wannan rikici ne, do guda ɗaya ne tak, farin madannin da ke hagu da baƙaƙe biyu, kuma ba ya motsi har abada. Ya ce in bari ya koya mini na gaskiya. Ni dai burina in kalli takarda in rera ba sai na jira maƙwabciyata ta fara ba. Wanne zan kama?

Maman 'Yan Biyu: 'Yar'uwa, in yau G gobe F yana wahalar da ke, wataƙila ba alto ce muryarki ba. Ni ma shekara guda na yi ina shaƙewa kafin aka mayar da ni sofrano. Ki ce a sake gwada ki, ki kuma rage ruwan sanyi.

Sabuwar Alto: Mama, na gode, amma muryar tana kaiwa. Sunayen ne suke ruɗa ni.

Tsohon Malamin Kwaya: 'Yata, ki bi allon malaminki. Ƙanin mijinki bai yi ƙarya ba, makarantarsa ce daban. Faransawa da Italiyawa da Sifaniyawa ba sa kiran sauti da C, D, E, do re mi ɗin su ne sunayen madannan a wurinsu, shi ya sa duk wanda ya yi karatun kiɗa a Nijar ko Chadi a tsarin Faransa zai rantse miki do ba ya tashi daga C. Mu kuwa abin da ya iso mana ta hannun 'yan mishan na Ingila shi ne solfan John Curwen, wanda ya gina shi a kan aikin Sarah Glover ta Norwich tun wajen shekarun 1840, kuma don talakawan mawaƙan coci aka yi shi, mutanen da ba su da piyano a gida. A nan madannai suna da sunansu na haruffa, do kuma sunan matsayi ne, wato gidan da waƙa take komawa ta huta.

Bari in ba ki layi ɗaya ki gani da idonki. A ce an rubuta wannan:

```
Doh is G
| d : m | s : l | s : m | d : - |
```

Mai kibod zai danna G, B, D, E, D, B, G. Ke za ki ce do mi so la so mi do. Ƙanin mijinki zai ce sol si re mi re si sol. Duk ku biyu sauti ɗaya kuka fitar, babu wanda ya kuskure. To ranar Lahadi da safe sai sofrano suka zo da mura, malam ya ce a sauke waƙar zuwa F. Yanzu madannan sun koma F, A, C, D, C, A, F. Ke ba abin da ya canza a bakinki, an dai ba ki sabon do ƙasa kaɗan, kin ci gaba da do mi so la so mi do. Shi kuwa dole ya sake sunayen gaba ɗaya, fa la do re do la fa, yana lissafi a kansa alhali ana jiran a tashi waƙa.

Amma ba ma wannan ne babban dalilina ba. Babban dalilin shi ne tazara. A namu tsarin, daga mi zuwa fa kullum rabin taki ne, daga ti zuwa do ma haka, ko a wane ki aka ɗauko waƙar. Daga do zuwa so kuwa tsalle ɗaya ne da kunnenki zai haddace sau ɗaya ya riƙe har tsufa. Sunan da kansa yana gaya wa maƙogwaro nisan da zai yi. A nasu tsarin, in ana rerawa da sauri ba a faɗin shaf ko filat, ana riƙe su a ka ne. A ki na G zai ce mi fa, amma fa ɗin nan F shaf ne, cikakken taki ke nan, a ki na C kuma ya sake cewa mi fa, rabin taki. Kalma ɗaya, nisa biyu. Wanda ya soma tun yana ɗan shekara shida da kibod a gabansa ba ya ma lura da wannan. Babba mai aiki da yara, mai zuwa koyon waƙa sau biyu a mako, zai sha wuya.

Ki duba Hausar da muke yi ma. Kukan yaro da kukar miya, ai hawa da saukar murya ne suka raba su. Dattijo mai ƙatuwar murya ya faɗa, jikarsa mai siririyar murya ta faɗa, saman muryarsa bai ma kai ƙasan tata ba, amma ba wanda ya taɓa ruɗewa. Kunnenki ya riga ya saba auna sauti da na kusa da shi. Solfan allo a kan wannan yake hawa.

Mai Kibod: Baba, da girmamawa, ni ina ganin in ta koyi do mai zama wuri ɗaya za ta samu kunnen da ke gane sauti kai tsaye, a buga madanni ta ce wannan A ne ba tare da ta duba ba. Sannan ba a jin masu solfa a manyan waƙoƙi, da an miƙa musu takarda mai layi biyar sai su yi tsuru-tsuru.

Tsohon Malamin Kwaya: Na biyun ka faɗi gaskiya, ɗana, na ga wannan tsuru-tsurun da idona a taron kwayoyi. Sai dai laifin namu ne malamai da muke tsayawa a haruffa. Ana karanta layi biyar da do mai tafiya sarai: ka dubi alamomin farkon layi, shaf na ƙarshe shi ne ti, filat na ƙarshe shi ne fa, daga nan ka ƙirga ka sami do. Na farkon kuwa ban yarda ba. Masu irin wannan kunne kusan duk tun ƙuruciya suka same shi, ban taɓa ganin babba ya samu don ya sauya sunaye ba. Kuma kai da kake danna Transpose kowace Lahadi kana buga komai a C, ai do mai tafiya kake yi da yatsa.

Mai Kibod: Kai Baba, a gaban jama'a!

'Yar Maraɗi: Ni ce shaidar ɓangaren ƙanin mijin naki, don haka ku bar ni in yi magana. Da do na Faransa na tashi, aure ya kawo ni Kaduna. Ranar farko a kwaya aka rubuta Doh is E♭, aka buga sautin, kowa ya ce do, ni kuwa kaina yana ihu yana cewa mi bemol ne wannan. Na yi wajen wata shida bakina yana faɗin abu ɗaya, kaina yana faɗin wani. Abin da ya cece ni, na daina kiran madannai da do re mi, na koma C D E, na bar wa waƙa solfa. Don haka shawarata, ƙawata, kada ki haɗa biyun a shekarar farko. In zai koya miki kibod, ki roƙe shi ya kira madannan da haruffa.

Amma kada a raina namu. Akwai waƙar da muka ɗauka bara, ki yana sauyawa kusan kowane layi, 'yan solfa suna ta neman inda do ya gudu, ni kuwa na koma tsohon karatuna na bi ta a hankali na wuce. In waƙa ba ta da gida tsayayye, do mai tafiya ba shi da wurin zama.

Sabuwar Alto: To wannan gudun do ɗin ma na gamu da shi. A wata waƙa akwai ƙaramin s manne da d a tsakiyar layi, daga nan duk alto muka watse. Akwai kuma wani fe da nake rerawa kamar fa, malam yana ta harara.

Tsohon Malamin Kwaya: Abu ɗaya ne ya zo miki da riga biyu. Fe shi ne fa da aka ɗaga rabin taki, a ki na G shi ne C shaf maimakon C. Yawanci alto ake ba shi, bes yana kan re, wani yana kan la, kuma waƙar tana jingina ne zuwa so. In kika rera fa a wurin, haɗin muryoyin zai yi duhu, in kuma ta kusa da ke ta rera fe daidai za ki ji muryoyinku suna gogar juna kamar ƙarfe da ƙarfe. Hararar ke nan. Maganinsa, kada ki hau masa daga mi. Ki rera so, ki zame ƙasa kaɗan, ki koma: so fe so. Ki saurara da kyau, daidai yake da do ti do.

To idan waƙar za ta daɗe a can wajen so, maimakon a cika takarda da fe, sai a mayar da so ɗin ya zama sabon do. Ƙaramin s ɗin nan gada ce. Ki kama sautin da tsohon sunansa, so, ki riƙe shi kada ya motsa ko kaɗan, ki sauya masa suna a baki ya zama do. Mu kan ce "s'do" a numfashi ɗaya. Daga G kin koma D ke nan, fe ɗin da ke ba ki wuya ya zama ti. Inda kuka watse, na tabbata wasunku da suka ga d sun koma tsohon do ne, wato G, alhali ana so su tsaya a D.

A gida, minti goma ya isa. Ki sa ƙanin mijin naki ya ba ki sauti ɗaya kawai ya ɗauke hannu. Ki rera do mi so mi do, sannan ki sauka ƙasa inda alto ke yawan zama, do ti la so, ki hau ki dawo, sai ya sake buga sautin farko ku ji ko kin dawo gida. Yawanci za ki tarar kin zame ƙasa kaɗan, kuma ɓarawon shi ne ti, ana rera shi a kasalance bai manne wa do ba. Gobe ya ba ki wani sautin daban. Kada ki yi kwana biyu a jere da do ɗaya, in ba haka ba za ki haddace tsayin sautin ne, ranar da aka sauya do sai ki ɓace.

Mai Kibod: Saura waƙoƙin maino, Baba. Ni na ga inda ake fara su da do, a ce do re me.

Tsohon Malamin Kwaya: Akwai makarantun da ke haka, musamman a Amurka. Takardun Curwen da la suke farawa, za ka ga an rubuta Lah is A ko makamancinsa, kuma ni da shi na saba.

'Yar Maraɗi: Ni har yau a maino kaina ba ya yarda gida ya zama la. Ina rerawa dai.

Sabuwar Alto: Na gode muku duka. Na karanta wa ƙanin mijina, ya ce zai riƙa ba ni sautin, amma shi ba zai taɓa buɗe baki ya kira G do ba. Na ce ya buga kawai ya yi shiru. Alhamis akwai koyon waƙa, zan gwada s'do ɗin nan in ga ko alto za mu tsallake gadar tare.