Masu tura rini da saƙi waje: me kuke rubutawa a bayanin kaya na Sifaniyanci?

Mai Rini ta Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shago a intanet, ina sayar da yadin da ake rina mini a marinar Ƙofar Mata, ni nake zaɓen farin yadi, mata su yi ɗauri a gida, sannan a kai karofi. Kwanan nan tambayoyi sun fara zuwa daga Sifaniya da Meksiko, sai na sa ƙanena da ya ɗan iya yaren ya rubuta mini bayani. Ya rubuta abu mai daɗi a kan tarihin Kano da cewa marinar tun 1498 take. To amma duk wadda ta leƙo sai ta turo saƙo tana tambayar faɗi nawa, tsawo nawa, yana zuba ko ba ya zuba. Wanda ya taɓa sayar wa mutanen nan, don Allah ya gaya mini abin da ya rubuta da yadda ta kaya.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni abin da na fara cin karo da shi awo ne. Mu a nan yadi muka sani, su kuwa mita da santimita. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗan ɗoriya, bai kai mita ba, don haka yadi biyar ya kama mita 4 da santimita 57. Wani abokin kasuwancina ya ɗauki "yadi biyar" ya rubuta "5 metros", matar ta yanka tsarin rigarta a kan mita biyar, sai ga kusan rabin mita babu. Kuɗi ya mayar, kayan ma bai sake ganinsu ba, don kuɗin dawo da su ya fi ƙarfinsu. Kuma kar ki tsaya kan lissafi kawai, ki sa tef ki auna bayan an gama rini an shanya, saboda auduga tana tsukewa idan ta sha ruwa.

Mazaunin Balensiya:
Yaya, gaskiya Ɗan Kwari ya faɗa. Ni ɗan Fagge ne, na jima a nan, matata tana ɗinki, ina ganin yadda take sayen yadi. Ba ta karanta labari sai ta gama duba awo da abin da aka yi yadin da shi. Ga wani tarko a wajen rubuta lamba: a Sifaniya da Ajantina waƙafi ake sawa, 4,50 m, a Meksiko kuma ɗigo, 4.50 m. Tunda masu sayenki suna ɓangarorin biyu, ki huta, ki rubuta 450 cm, babu wanda zai ruɗe. Sannan ki faɗa ƙarara ko dunƙule guda kike sayarwa ko mita-mita, don idan suka ga kuɗi a gefen yadi, galibi suna ɗauka kuɗin mita ɗaya ne.

Sai maganar "da hannu", wadda ta fi damuna. Mutanenmu suna son rubuta "hecho a mano" a kan komai. Farin yadin naki daga ina yake? Idan na kamfani ne, to ɗauri da rini ne na hannu, abin da za ki rubuta shi ne "teñida a mano". Idan kika rubuta "tejida a mano" kin ce da hannu aka saƙa shi, kuma mai ɗinki tana buɗe ƙunshin za ta gane daga bakin yadin da yadda zaren ya jeru daidai wa daida. Daga nan ba za ta sake yarda da ko kalma ɗaya a shagonki ba.

Mai Rini ta Gwale:
Na kamfani ne Malam, a Kwari nake saye. Ashe ba laifi in faɗa? Ina tsoron kar su ga kamar darajarsa ta ragu.

Mazaunin Balensiya:
Ba ta raguwa. Rinin suke saye. Ki faɗa a layi ɗaya ki wuce.

Jikar Masaƙa:
Ni nawa daban ne, saƙi nake turawa, na gaske, wanda ake saƙawa siri-siri a haɗa da allura. Wata a Barsalona ta sayi guda, da ya isa sai ta turo hoton ɗinkin da ke tsakanin layukan tana cewa an haɗa mata guntaye. Ban ji haushinta ba, ba ta taɓa ganin masaƙarmu ba, ba ta san faɗin tafin hannu take fitarwa ba. Tun daga nan nake rubuta faɗin kowane layi da yawansu, misali layi 12, kowane santimita 10, in kuma ɗauki hoton bayan zanen inda ɗinkin ya fito sosai. Wata 'yar Kolambiya ce ta ba ni shawarar in rubuta "tejida en telar manual", wato an saƙa a masaƙar hannu, ta ce a wajensu idan aka ce "tejido a mano" kaɗai, hankalin mutane yakan tafi kan saƙar kwarashi irin ta rigar sanyi. Yanzu ɗinkin nan da aka yi ƙorafi a kansa shi suke nema, har tambaya suke ko da hannu aka haɗa.

Saurayin Sabon Gari:
Ni dai tambayata, nawa ake biya a kilo zuwa Madrid yanzu? Kuma ta wace hanya kuɗi ke shigo muku? Ina da hulunan zanna da nake son gwadawa.

Ɗan Kwari:
Ɗan'uwa wannan zance ne na daban, yau kan rubutu muke. Ka neme ni a gefe.

Hajiyar Hotoro:
Maganar zuba kuwa mai sauƙi ce. Ki jiƙa shi da ruwan gishiri ko ruwan tsami na kanti kafin ki tura, ya kama ke nan, sai ki rubuta musu ba ya zuba. Haka nake yi wa kayana.

Baba Marini:
Hajiya, ki yi haƙuri, a nan ban bi ki ba. Na gaji rini, kuma gishiri ba ya riƙe shuni. Rinin baba ba kamar sauran launi ba ne. A cikin ruwan karofi, bayan ya tsima da toka, idan ka fito da zane kore-kore za ka gan shi, sai ya sha iska yake komawa shuɗi. Shi ya sa muke tsomawa mu ɗaga, mu sake tsomawa. Launin yana zama ne a jikin zare, kuma duk tsomi akwai wanda ke saura a sama bai kama komai ba. Wannan ne yake bin ruwa, shi ne yake shafar hannu. Maganinsa ɗauraya, a yi ta yi har ruwa ya kusa fita fari, kuma ko an yi hakan, mai duhu sosai zai ɗan saki a wankin farko. Abin da ya taimaki kayanki ɗaurayar ce.

'Yata ta Gwale, ga gwaji: ki samu farin ƙyalle, ki goga a kan zanen da ƙarfi yana bushe, ki sake jiƙa ƙyallen ki goga. Abin da kika gani shi za ki rubuta. Kar ki taɓa rubuta ba ya zuba a kan shuni. Idan kuma an kai shi wajen mabuga ya yi ƙyalli, ki gaya musu ƙyallin na bugu ne, wanki yana rage shi. Turkuɗin Kura ma Buzaye saboda shafar jikin suke sonsa, amma Baturiya mai farar kujera ba za ta gode miki ba. Sai abu na ƙarshe: kafin ki ce rinin baba ne zalla, ki tambayi mai yi miki, domin akwai masu ƙara garin shuni na kanti don aiki ya yi sauri. In ya ƙara, ki ce shuni kawai.

Hajiyar Hotoro:
To Baba, na ji. Amma ni dai ban taɓa samun ƙorafi ba, zan ci gaba da gishirina, sai dai in cire alƙawarin.

Mai Rini ta Gwale:
Na auna guda ɗaya yanzu. Yadi biyar na saya, amma tef ya ba ni santimita 450, faɗi 112. Na ɗora a sikelin kicin, giram 630. Farin ƙyallen ya ɗan yi shuɗi da yana jiƙe. Rinin baba ne zalla, na kira na tabbatar.

Mazaunin Balensiya:
Madalla da kika auna nauyi, don da shi suke gane kauri tunda ba za su taɓa ba. Tsawo sau faɗi, 4,50 sau 1,12, ya ba da murabba'in mita 5 da ɗan kaɗan. Ki raba 630 da shi, ya fito giram 125 a kowane murabba'in mita. Mai ɗinki tana gani ta san na riga ne mara nauyi, ba na rufin kujera ba. Ga yadda zan rubuta:

```
Tela de algodón teñida a mano con índigo natural, Kano (Nigeria)
Composición: 100 % algodón
Medidas: 450 cm de largo x 112 cm de ancho. Se vende la pieza entera.
Gramaje: 125 g/m²
Tela base industrial; el atado y el teñido se hacen a mano.
Suelta color en los primeros lavados y puede manchar por roce.
Lavar por separado en agua fría, sin lejía ni blanqueador. Secar a la sombra.
El tono y el dibujo varían de una pieza a otra.
```

Layi uku na ƙarshe su ne na Baba: yana sakin launi a wankin farko, yana iya shafar abin da ya goga, a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi ba bilic, a shanya a inuwa, kuma kowane guda da ɗan bambancinsa. Tarihin da ƙaninki ya rubuta kar a jefar, a mai da shi ƙasa, jimla biyu ko uku. Ki kula da layin auduga: dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta wajabta faɗin irin zaren da ke cikin yadi da kasonsa, don haka kar ki rubuta 100 sai kin tabbata.

Ɗan Kwari:
Wannan kam ki zare zare daga gefe ki ƙona. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, mai haɗin roba kuwa yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Ba zai gaya miki kaso nawa ba, amma zai nuna miki in akwai haɗi.

Jikar Masaƙa:
Ni a kan sunan launin nake da ja. 'Yan Meksiko da nake hulɗa da su "añil" suke cewa, su ma suna da nasu rinin baban. Ina ganin da shi za su nema.

Mazaunin Balensiya:
A nan "índigo" na fi gani a shagunan yadi, amma dukansu daidai ne. Ta sa ɗaya a kan magana, ɗaya a cikin bayani, ta ga wanda ya fi kawo mutane.

Mai Rini ta Gwale:
Allah Ya saka da alheri, Baba na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya. Na ji mai saye a Turai yana da kwana 14 da zai iya mayar da kayan da ya saya ta intanet, ban da wanda aka yi musamman don shi. To idan mace ta ce in yanka mata mita biyu daga dunƙulen, ya shiga na musamman ko bai shiga ba?

Ɗan Kwari:
Ni na ɗauka ya shiga, tunda an yanka ba ya komawa. Wani kuma ya ce mini ya danganta. Shi ya sa na daina yankawa, dunƙule nake sayarwa. Ko Malamin Balensiya zai tambayar mana a shagon da uwargida take saye?

Mazaunin Balensiya:
Ranar Asabar za ta je, zan sa ta ɗauko hoton abin da suka rubuta a takardarsu.