Na haɗu da mai sayen riɗi a baje koli, me zan rubuta masa?

Ɗan Dawanau: Assalamu alaikum. Shekaranjiya na dawo daga baje kolin Gulfood a Dubai. Na haɗu da wani ɗan Turkiyya mai kamfanin tahini, wato niƙaƙƙen riɗi, ya ba ni katinsa. A hirarmu ya koka cewa riɗin da ya taɓa saye ya zo masa da yashi da tsakuwa. Yaya zan rubuta masa imel har ya amsa?

Alhaji na Maigatari: Wa alaikumus salam. Tura yau, kada ka bari a kwana. Mutumin nan ya koma gida da tulin katuna, bayan mako guda ba zai tuna fuskarka ba, amma zai tuna da yashin da ya ci masa kuɗi. To da shi za ka buɗe. A layin take sa sunan bajen da maganar: "Gulfood: riɗin Najeriya, batun yashi". Cikin saƙon kuma, bayan gaisuwa layi ɗaya, ka juya wannan zuwa Turanci: "Mun haɗu ranar Talata a rumfarku, kuka ce kayan da kuka saya sun zo da yashi. Namu muna bi da shi ta injin tankaɗe da na fid da tsakuwa kafin a zuba a buhu. In kun amince, zan aiko da samfurin rabin kilo tare da takardar gwaji. Wane adireshi zan tura?" Shi ke nan. Buƙata ɗaya tak, wadda zai iya amsawa da layi guda daga wayarsa.

Sai dai ka kula, kada ka rubuta tsabta 99% in ba a gwada ba. Masu tahini niƙa riɗin suke yi, za su auna samfurin da kansu, in ya saɓa da abin da ka faɗa maganar ta mutu.

Maman Ilham: Ka haɗa masa da farashin duk kayanka, zoɓo, citta, ƙaro, ya zaɓa.

Alhaji na Maigatari: Hajiya, riɗi kaɗai yake niƙawa. Jerin kaya zai sa saƙon ya yi kama da wanda aka watsa wa kowa.

Maman Ilham: Na yarda da batun jerin, Alhaji, amma ban da farashi. Mai saye farashin tan `FOB` Legas yake fara tambaya, wato kuɗin kayan har a ɗora su a jirgin ruwa a Legas. A sa shi, a rubuta kwanakin da zai tsaya a haka, tunda dala ba ta zama wuri ɗaya.

Sabon Shiga: Me ya hana ka yi masa WhatsApp kawai?

Malam Akawu: Sai in shi ya ce a yi. Ɗan Dawanau, kwafi adireshin daga katin harafi-harafi, kuma kada ka lafta hotuna masu nauyi a saƙon farko, suna iya jefa shi cikin `Spam`. Fayil ɗin `PDF` ɗaya na takardar gwaji ya isa. In mako ya wuce shiru, danna `Reply` a kan saƙon naka na farko ka tuna masa, don ya ga maganar yashin a ƙasa.