Shuɗin logona ya canza a allon shago

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Jakunkuna nake sayarwa, logona shuɗi ne mai haske a waya, amma da aka buga allon shago sai ya fito kamar shunayya, ledojin kuma wani shuɗin daban. Sunan ma a allo cikakke ne, a Instagram na gajarta shi. Ta ina zan fara gyara?

Amsa ta farko: Hajiya mai bugun ne ya cuce ki, tawada mara kyau ya sa. Ki mayar masa kawai.

Amsa ta biyu: A'a Malam, tawada na iya jawo haka amma ba lallai laifinsa ba ne, na shekara ina zaune gaban injin nan. Waya da haske take haɗa kala, wato RGB, injin bugu kuma da tawada huɗu, CMYK, kuma shuɗi mai ƙyallin nan irin #0000FF tawada ba ta iya fito da shi, in aka juya shi sai jan ciki ya yi yawa ya karkata shunayya. Ki ce wa mai zanen ya ba ki lamba biyu na kowace kala, ɗaya ta waya ɗaya ta bugu. A ta bugun M, wato jan tawadar, ta gaza C, wato shuɗin, sosai, misali C100 M60 Y0 K0, wannan shuɗi yake fitowa. Sai a buga miki ɗan guntu kamar tafin hannu a kan irin ledar allon, ki fita da shi rana ki duba, kada ki duba a ƙarƙashin fitilar shago. In ya yi miki, to wannan guntun ne ma'auninki, shuɗin waya ne zai bi shi, ba shi zai bi waya ba.

Mai tambaya: Ikon Allah, ni fa hoton da na ɗauka daga fuskar waya na tura masa ta wasap.

Amsa ta biyu: To ga rabin matsalar nan Hajiya, wasap yana matse hoto, in an faɗaɗa shi bakin haruffa ya farfashe. Ki karɓi asalin fayil ɗin, SVG ko PDF na bugu, PNG mara bango na fostin, ki riƙa turawa ta Document.

Amsa ta uku: Ni mai fenti ne ya rubuta min nawa da hannu, wallahi bai san wata lamba ba, katin shagona na miƙa masa ya yi ta gauraya har ya kusa. Amma yaya, sunan nan ya fi damuna, mutum zai karanta allo ya nema a waya bai same ki ba. Ki mayar da na Instagram cikakke, shi ba ya cin kuɗi.

Mai tambaya: Na gwada, wata ta riga ni ɗaukar cikakken. Kuma kwastomomi da gajeren suke kirana.

Amsa ta farko: To tunda allon za a sake, a sa gajeren mana.

Amsa ta uku: Ledojin da ta riga ta buga fa?