Kuɗin tsufan kayan sana'a: yaya kuke cire naku?

Mai Fotokwafi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shago a Titin Bauchi kusa da jami'a. Shekara huɗu ina ganin kamar riba nake ci, ranar da injina ya tsaya cak sai na duba aljihu, babu ko rabin kuɗin wani. Ashe injin nake ta ci ban sani ba. Yanzu na ranto na sayi sabo naira miliyan 2. Ku da kuka ga jiya, yaya kuke lissafin tsufan kaya?

Baban Gangare: Ai ɗana, wannan ba kai kaɗai ba ne. Naira ce ta lalace, kowa kuka yake.

Malam Akanta: Baba, Allah ya ƙara girma, ba faɗuwar naira yake nufi ba. Mai Fotokwafi, miliyan biyun nan ba kashin shekara ɗaya ba ne, tunda injin zai yi maka aiki shekaru. Sai ka raba kuɗin a kan shekarun, kowace shekara ta ɗauki nata nauyin kafin ka ce ga riba. A ce zai yi shekara 5, kuma a ƙarshe masu gyara za su saye shi 200,000. Abin da zai narke ke nan 1,800,000. Raba biyar, 360,000 duk shekara, wato 30,000 a wata. Wannan shi ne rabon daidai wa daida, kuma da shi nake yi wa yawancin masu shago.

Hajiyar Firiza: Ni haka nake yi da firizojina na kifi a Taminus, amma a adashe nake zuba kuɗin. In ba haka ba takarda ce kawai. Na taɓa rubutawa shekara biyu cur ban ware ko sisi ba, biki da suna suka cinye.

Malam Akanta: Gaskiyarki Hajiya, lissafin ba ya tara kuɗi da kansa, ribar gaskiya kawai yake nuna miki.

Direban Bukur: Malam, wannan rabon naka bai yi min ba a kan mota. Bas ɗina shekarar farko ba ta san gareji ba sai canjin mai, ta huɗu kuwa kullum muna wajen bakanike. Ta yaya za a ce tsufansu ɗaya?

Malam Akanta: Don irinku aka yi hanya ta biyu. Ana cire kaso iri ɗaya ne duk shekara, amma daga abin da ya rage a littafi, ba daga kuɗin saye ba. Mu koma kan injin can da kashi 40 cikin ɗari, wato ninkin kashi 20 na rabon daidai. Shekarar farko a cire 800,000, saura 1,200,000. Ta biyu kashi 40 na wannan sauran, 480,000, saura 720,000. Ta uku 288,000, ta huɗu 172,800, sai ya rage 259,200. A ta biyar ne mutane ke zamewa. Kashi 40 zai ba ka 103,680, wanda zai kai injin ƙasa da 200,000 da muka ce za a saye shi, don haka 59,200 kawai za ka cire ka tsaya. In ka tara duka, 1,800,000 ɗin nan ce dai. Bambancin kawai wace shekara ce ta fi ɗaukar kaya. Mai kwamfuta ya gwada a Excel:

```
=SLN(2000000,200000,5)
=DDB(2000000,200000,5,1)
```

Layin farko na rabon daidai ne, na biyu kuma na wannan hanya ta biyu. Lambar ƙarshe a layi na biyu ita ce shekarar da kake nema. Kai direba wannan ta fi dacewa da kai, tunda lokacin da kuɗin tsufa ke raguwa shi ne lokacin da na gyara ke hawa.

Mai Keke: To ni duk wannan ban yarda ba. Na yi shekara uku ina tuƙa kekena, na sayar da shi sama da yadda na saya. Ina tsufan yake?

Malam Akanta: Ɗan uwa, littafi ba farashin kasuwa yake bi ba, kuɗin da ka biya yake rabawa. Abin da ka samu sama da sauran da ke littafi, ribar sayarwa ce, a rubuta ta daban. Amma faɗa min, kuɗin ya saya maka sabo?

Mai Keke: Ina! Sai da na cika da na gonar dankali.

Baban Gangare: To kun ga, maganata ce ta dawo.

Hajiyar Firiza: Baba bai yi ƙarya ba. Ko Mai Fotokwafi ya tara 30,000 ɗinsa ba fashi, wa ya ce miliyan 2 za ta sayi injin nan da shekara biyar? Ni ina ƙara wani abu a kai, da ka kawai nake yi.

Mai Fotokwafi: Na ɗauki na 30,000, shi kaina zai iya riƙewa. Sai dai Malam, shekara biyar ɗin nan daga ina ka samo ta? Lokacin rajista da na furojet injina ba ya hutawa, ga wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ƙona abu. Na farkon ma huɗu ya yi.