Kaka ta ce masa "mijina rago", yaro ya ƙi cin tuwo

Maman Nasiru, Yamai: Ɗan yayana, shekararsa 11, a Lyon ta ƙasar Faransa aka haife shi. Da hutun lakwal muka kai shi Tawa wurin Inna. Ko takalmi bai cire ba ta tare shi: "Ga mijin nawa ya zo hannu rabbana! Ina kuɗin cefane? Dube shi, mummuna, rago. Na fasa auren, Malam ya fi ka." Mu muna ta dariya, shi ko ya shige ɗaki, hura ma ya ƙi sha. Cikin dare ya kira uwarsa yana kuka, wai tsohuwa ta tsane shi, kuma wai aurensa za ta yi. Kawunsa ne ya zaunar da shi, ya ce wasa ne, kuma ramawa ake yi. Da safe ya kai mata goron dala ashirin. Ta ce, "Wannan ne cefanen?" Ya ce, "Ke ma miyarki ba gishiri." Sai Inna ta rangaɗa guɗa. Wa ya taɓa ganin irin haka?

Malam Isufu, Tawa: Hajiya, ku lura, ubansa ɗan fari ne ko? To Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi, kunya ta hana. Abin da ta riƙe shekara da shekaru, a kan jika take sauke shi. Ku koya wa yaron inda zai gane faɗan gaske: ranar da ta bar "mijina" ta kira sunansa na yanka, murya ƙasa, ba mai dariya a tsakar gida, to ya yi laifi. Shi ma akwai iyaka: ya kushe miyarta da haƙoranta, amma ba zagi.

Rabi, Ƙonni: Ai "mummuna" ɗin maganin baki ne. Yaro ya zo jajir da shi, in ta yabe shi gaban mutane sai kambun baka ya kama shi.

Malam Isufu: Ga jariri, haka ne. Amma kakata har na yi gemu tana ce mini mummuna.

Abdu Direba: Laifin iyaye ne da ba su koya musu Hausa.

Maman Nasiru: Malam Abdu, yana jin Hausa sarai, shi ya sa ma ya ji zafi.

Zeinabu, Bukoki: Tawa ɗiyar daga Abijan ta zo, kakarta ta ce, "Kishiya, kin zo ƙwace mini tsoho?" An yi mata bayani, ta ce ta gane. Har yau dai in kakar ta kira waya, gaisuwa kawai take yi ta miƙo mini. Shin in ce wa tsohuwa ta sassauta? Surukata ce, bakina ba ya iya faɗa.