Me za mu kira gyaran tsohon hoto a kwamfuta?

Malama Asabe: Salamu alaikum. Jibi Asabar zan koyar da 'yan mata a Jekadafari yadda ake gyara tsohon hoto bayan an yi masa sikanin. Na gwaji shi ne hoton auren iyayena na 1984, ya koɗe ya koma ja-ja, ga karce daga goshin Inna har haɓa. Da na rubuta "gyaran hoto" sai suka ɗauka ƙara hasken fata ne. Ku agaza da kalma.

Baban Ummi: Wankin hoto mana, Malama.

Ɗanjuma Mai Hoto: A'a Baban Ummi, wanki fitar da hoto ne a takarda. Malama, ni "maidowa" nake cewa, don aikin ke nan. Jan nan ba datti ba ne, rinin shuɗin takardar ne ya riga sauran gudu. Ki ɗauke shi a 600 dpi, ki adana a TIFF, ki yi aiki a kan kwafi. A manhajar gyaran hoto ta GIMP ki buɗe Levels, ki bi Red, Green da Blue ɗaya bayan ɗaya, ki jawo 'yan kibiyoyin gefe zuwa inda tudun da ke cikin jadawalin ya fara. Idan farar hular ango ta koma fara, kin isa. Karcen kuwa ki bi shi da Heal na GIMP ɗin, da ɗan ƙaramin buroshi.

Malam Sale Bolari: Tayar da komaɗa! Shekaru nake faɗa. Ga Hausa tsantsa kuna ta sikanin da buroshi, abin kunya a gaban yara.

Baban Ummi: Ai shi kansa "hoto" aro ne, Malam.

Malam Sale Bolari: Wannan ya zauna tun zamanin kakanni. Ku kuwa kasala ce ke sa ku aro.

Hajiya Talatu: Ni dai kada a ce "sabuntawa". Na ba wani yaro hoton kakata, ya ɗauka tsagar fuskarta karce ce, ya goge ta tas. Da na kai wa Baba ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ba uwarsa ba ce. Har yau abin na ci mini rai.

Ɗanjuma Mai Hoto: Allah Ya ba da haƙuri, Hajiya. Karce yawanci fari ne fat, kuma yana ƙetare fuska ya hau mayafi ko bango. Tsaga a fata take tsayawa, tana bin lanƙwasar kumatu. Inda takarda ta ɓare ta tafi da ido ɗungurungum kuwa, babu abin maidowa, duk abin da aka sa zane ne, sai a gaya wa masu hoton.

Malama Asabe: Na gode. Zan rubuta "maido da tsohon hoto", in fara darasin da labarin Hajiya in ta yarda. Heal ɗin fa?

Malam Sale Bolari: Ku sa maidowar, amma ba ta da armashi. Heal kuma "ɗinke karce", kada in ji wani ya ce hilin.